Darasi na 9: Kada a ajiye bargo da dauɗarsa

Duk wanda ya yi sanyin Disamba da Janairu a Cirozerin ya san darajar bargo. Ninke kaya da rufe akwati kuwa ba sai an koya muku ba. Abu guda ne yake cinye mana dukiya kowace shekara: da zafi ya shigo a watan Maris, sai a naɗe bargo yadda aka tashi daga cikinsa, a jefa akwatin ƙarfe. Kada a ajiye bargo da dauɗarsa.

Ga abin da ya faru a wani gida. Maigidan yana aikin kwal a Anu Araren. Da sanyi ya fara, ya ce a fiddo masa bargon ulu da mahaifinsa ya bar masa. Uwargida ta buɗe akwati, ta ɗaga bargon, sai ga hasken rana yana ratsa shi wuri-wuri.

"Maigida, zo ka gani! Ɓera ya shiga akwati!"

"Ɓera ta ina, akwati da kwaɗo?"

Surukarta na zaune bakin murhu tana haɗa shayi. Ta karɓi bargon, ta buɗe linkinsa, ta shafa da yatsa. "Wannan aikin asu ne, 'yata. Kin wanke shi kafin ki ajiye?"

"Inna, ruwan da muke saye a jarka ne zan ƙarar a kan bargo? Ai na zuba kafur."

"Kafur ɗin yana ina?"

Suka duba, ko ƙwaya babu, ya daɗe da narkewa. Rawanin alasho da zannuwan auduga da ke ƙasa kuwa lafiya lau, sai riga guda mai tabon miya da aka huda daidai wurin tabon.

Ƙwari biyu ne suke wannan ɓarna. Na farko asu. Wanda kuke gani yana tashi ba ya cin komai, ƙwai kawai yake sakawa, wajen 40 zuwa 50. Lokacin zafi ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 4 zuwa 10. Tsutsar ce mai ci: fara ce, kanta ja-ja, tsawonta kamar santimita ɗaya. Tana barin farin zare manne da kaya, da kashi tsaki-tsaki mai launin bargon. Na biyu ɗan ƙwaron darduma ne, girmansa kamar ƙwayar gero. Tsutsarsa mai gashi ce, ba ta saƙa zare, sai dai ku tarar da busassun ɓawonta a kusurwar akwati. Wannan ya fi asu jure bushewa, don haka kada wani ya ce ƙasarmu hamada ce, ƙwaro ba ya rayuwa.

Abincinsu gashi ne da fata da gashin tsuntsu: bargon ulu, dardumar ulu, jakar fata, shimfiɗar sirdin raƙumi. Zallar auduga da bargon roba ba su dame su ba, sai in da dauɗa. In kuna shakka, ku ciri zare ɗaya ku ƙona. Ulu ƙaurin gashi yake yi, na roba narkewa yake ya dunƙule.

Me ya sa nake ta maimaita wanki? Domin ƙaramar tsutsa ba ta girma sosai da tsabtataccen ulu. Gumi, man kai, nono da fitsarin yaro su ne suke ƙara mata abinci, shi ya sa ramukan suka fi yawa a gefen da ke taɓa wuya. Kada a ajiye bargo da dauɗarsa. Kuɗin jarka biyu na ruwa bai kai kuɗin bargo ba.

A wanke ulu da sabulu da ruwa mai ɗan ɗumi, tafasasshe yana sa shi tsukewa. A shanya ya bushe ƙayau, a kakkaɓe, a goge linki da buroshi. Wanda ba ya wankuwa, a ƙulle shi cikin baƙar leda, a bar shi a rana tsaka ta Afrilu, a juya shi: zafin da ya wuce digiri 50, in ya ratsa har ciki na rabin awa, yana kashe ƙwai da tsutsa. A share akwatin ma, a shanya shi a buɗe. Sannan a ƙulle kayan cikin leda marar huji. Kafur yana aiki ne kawai a akwatin da iska ba ta fita, kuma guba ne, yara suna ɗaukarsa alewa.

Sai maƙwabtanmu masu jefa fatar ragon layya a kan rufin ɗaki ba gishiri, ta shekara a can. A nan ƙwarin fata suke hayayyafa, su sauko gidan kowa. Ku jeme ta, ko ku sayar, ko ku binne. Akwatin kuwa ku buɗe shi sau ɗaya kowane wata, musamman a Agusta da damina ta sa iska laima, ku duba linki da kusurwa.