Gabatar da Baƙo Mai Jawabi a Taron Bita

In an ba ka gabatar da baƙo mai jawabi a taron bita a Abuja, kada ka karanto takardar tarihinsa kaf. Minti ɗaya ba ya ɗaukar fiye da jimla biyar ko shida. Tun kafin a zauna, same shi ka tambayi yadda ake furta sunansa da muƙamin da yake riƙe da shi yau, domin a ma'aikatun tarayya canjin kujera ba wuya, kuma kiran Darakta da Mataimakin Darakta ba ƙaramar kwaɓa ba ce. Injiniya ne ko Dakta, tabbatar.

Daga nan zaɓi aiki guda da ya yi wanda ya shafi batun ranar, ka faɗi abin da mahalarta za su ƙaru da shi. Sunansa ya zo ƙarshe, sai tafi. Dogon kirari kuwa, bar wa maroƙa.