Kan Wasiƙar Imel: Abin da Na Koya a Abattoir

Jama'a, a cikin hutun da ya wuce na sauka wurin kawuna a unguwar Abattoir ta Jos. Mahauci ne, yakan kai wa wata makarantar kwana naman sa kilo 80 kowane mako. Da shanu suka yi tsada sai ya ce, "Ɗana, kai da ka yi boko, rubuta wa ma'ajinsu imel, ka gaya masa kuɗin kilo ya ƙaru. In bai yarda kafin Alhamis ba, ba zan sayo sa a Kara ta Bukuru ba."

Na zauna na tsara wasiƙa mai kyau. A ɗan gurbin nan na bisa da aka rubuta Subject, watau kan wasiƙa, na sa "Gaisuwa da fatan alheri". Alhamis ta zo ta wuce, shiru. Ran Asabar yara suka ci wake ba nama, kawu kuwa ya rasa cinikin mako guda. Ashe ma'aji ya ga wasiƙar tun ran Litinin, amma ya zaci gaisuwa ce kurum, ya bar ta sai ya sami sukuni. Ni ban ga laifinsa ba.

Dalili ke nan. Wanda ya buɗe akwatin imel ba ya ganin duk cikin wasiƙa, sunan mai aikowa da kan wasiƙar yake fara gani, da su ne zai zaɓi wadda zai fara karantawa. Saboda haka lalle ne kan ya faɗa masa abin da ake so ya yi, da ranar da za a daina jiransa. Ga wanda ya kamata in rubuta:

"A amsa kafin azahar, Alhamis 15 ga Mayu: sabon kuɗin naman sa"

Ku lura na fara da wa'adi. Waya takan yanke kan wasiƙa in ya yi tsawo, mutum ya ga kalmomin farko kaɗai, ƙarshen ya ɓace. In wani abu zai ɓace, gara ya zama sunan naman, domin ma'aji ya san abin da kawu ke sayarwa.

Na kuma sa rana da kwanan wata, har da azahar. "Gobe" ba ta da amfani, gama wanda ya buɗe ran Laraba, gobensa ba taka ba ce. "Kafin Alhamis" ma tana da gardama: wani ya ce daren Laraba ne iyaka, wani ya amsa da magaribar Alhamis ya ce bai makara ba. "Gaggawa!" kuwa kowa na rubuta ta, har mutane sun daina jin tsoronta.

In za ku gwada naku, ku rufe cikin wasiƙar, ku nuna wa abokin ɗakinku kan kaɗai, ku tambaye shi me ake so, yaushe kuma. In ya yi inda-inda, a sake. Da kawu na gwada na biyun, na karanta masa, ya ce, "To, yanzu ka yi magana. Aika."