Yadda Ake Rubuta Wasiƙar Neman Kuɗin Tikiti Idan An Soke Tafiya

Mutumin Birnin Zariya da zai hau jirgin sama sai ya fita ta Ƙofar Doka ya nufi Kano, ko Kaduna, ko Abuja, domin filin jirgin Zariya na kwalejin koyon tuƙin jirgi ne. Saboda haka in an soke tashi, zarya zuwa ofishin kamfani asarar kuɗin mota ce. Wasiƙar imel ta fi, don tana ɗauke da kwanan wata, kuma shaida ce da ba a iya musantawa.

Abu na farko shi ne a san wanda ya soke tafiyar. In kamfani ne, kashi na 19 na dokokin hukumar NCAA na 2023 ya ba fasinja damar karɓar kuɗinsa: nan take in tsaba ya biya, ko cikin kwana 14 in ta banki ne. In kuwa fasinja ne ya fasa, sai abin da sharuɗɗan tikitinsa suka ce.

Ga misali. Wani ɗan kasuwa daga Kwarbai ya sayi tikitin Kano zuwa Legas a kan naira 120,000, sai da ya isa fili aka ce an soke. A kan wasiƙar zai sa sunansa kamar yadda yake a tikiti, da lambar PNR mai haruffa da alƙaluma shida. A ciki ya kawo lambar tikiti mai alƙaluma 13, da lambar jirgi, da ranar tafiya, da abin da ya biya. Ya faɗa ƙarara cewa kuɗinsa yake so, ba ɗage tafiya ba, domin wasiƙar da ta tsaya ga koke kawai takan samu ban haƙuri ne. Ya haɗa da hoton rasit da saƙon sokewa. Tun da ba a sanar da shi awa 24 kafin tashi ba, yana iya neman diyyar kashi 25 cikin ɗari, wato naira 30,000. Amma in hazon hunturu ne ya hana tashi, diyya ta faɗi, kuɗin tikiti kuwa yana nan.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen ejan. Da yawa a cikin birni a hannun ejan suke sayen tikiti, musamman masu zuwa Umara, kuma kuɗi yakan komo ne ta hanyar da ya bi. Mai jiran kamfani wata uku, mai yiwuwa kuɗinsa sun daɗe a asusun ejan. Don haka a aika wa su biyun wasiƙa ɗaya.

In wa'adi ya cika shiru, a tura wasiƙar da rasit ga sashen kare haƙƙin fasinja na NCAA. In ejan ɗin kamfanin Hajji da Umara ne, sai hukumar NAHCON, wadda ke ba su lasisi.