Kamashon dillali da kayan da aka dawo da su

Mai masana'anta a Bompai, kada ka lissafa wa dillalinka kamasho ranar da mota ta fita da kaya; jira sai kuɗi sun shigo. A ce ya sayar wa ɗan kasuwar Singa kaya na naira 2,000,000, kamasho kashi 3 cikin ɗari. An biya 1,500,000, haƙƙinsa 45,000 ke nan. Bayan wata guda aka dawo da katan-katan da suka lalace, na 300,000, ka mayar da kuɗinsu. Sai ka cire 9,000 daga kamashon wata mai zuwa. Amma in ka rage su ne daga bashin da ya saura, kada ka taɓa kuɗinsa, don bai ci komai a kansu ba. Ku rubuta wannan sharaɗi tun farko.