Kafin Ka Tura Wa Dilan Taki Saƙo

Ɗana, tunda ƙungiyar manoman garinmu ta ɗora maka rubuce-rubucenta, sayen takin bana yana wuyanka. Na ga saƙon da ka shirya wa dila a Kano, cewa muna son taki, nawa ne buhu. Kada ka tura shi tukuna. Duk amsar da zai ba ka gaskiya ce, amma ba za ta amfane ka ba, domin ba ka gaya masa abin da zai yi lissafi a kai ba.

Fara da kayan kansu. Kamfa daban, yuriya daban, kuma kamfar ma iri-iri ce. Lambobin nan uku da ke jikin buhu su ne ke faɗin sinadarin da ke ciki, don haka 15-15-15 da 20-10-10 ba abu ɗaya ba ne, ko a gona ko a farashi. Ka rubuta lambar, ka rubuta sunan kamfanin da muka yarda da shi, ka ce buhu mai kilo 50 a ɗinkinsa na asali. Wanda aka farke aka sake ɗinkewa shi ne ƙofar algus. Sannan ka faɗi adadi, domin farashin buhu biyar ba shi ne na buhu ɗari ba.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne wurin da farashin ya tsaya. Wata shekara ni da kaina na tambayi mutum biyu. Na ɗauki wanda ya fi sauƙi, sai a ranar ɗauka na gane farashin bakin shago ya ba ni. Lodi, kuɗin mota da sauke kaya duk suka dawo kanmu. Ban ce ya cuce ni ba, ni ne ban tambaya ba. Ɗauki misali: wani ya rage maka naira 500 a buhu, a buhu 100 ka ga rarar naira 50,000. In mota da 'yan dako za su ci naira 1,200 a kowane buhu, ka kashe 120,000, wato ka yi asarar 70,000 a kan wanda ya ce zai kawo har gida. Saboda haka ka tambayi kowa farashin kaya a ƙofar sitonmu, ko ya ware kuɗin mota a gefe.

Ranar kawowa kuwa, ka sa kwanan wata. "In Allah ya kai mu damina" addu'a ce mai kyau, amma direba ba ya aiki da ita. A ƙasar nan tamu, daga Bichi zuwa Ɗambatta da Makoɗa, ruwa yakan zauna cikin Yuni, gero kuma ba ya jiran kowa. Takin da ya iso bayan geron ya fitar da kai ya makara.

Sai biya. Ka faɗi abin da za mu bayar na kafin alƙalami, da lokacin da za mu cika. Ni dai ba na son a biya duka kafin a ga kaya. Ka kuma tambayi iya kwanakin da farashin zai tsaya, domin mu sai mun bi mambobi mun tara kuɗi, farashin taki kuwa yakan motsa cikin mako ɗaya.

Ga yadda zan rubuta:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Barka da kasuwa. Ƙungiyarmu na neman farashin kamfa 15-15-15 buhu 60 da yuriya buhu 40, masu kilo 50, ɗinkin kamfani. A sauke a sitonmu a Makoɗa ranar 10 ga Yuni ko kafin nan. Za mu biya rabi in mun daidaita, rabi bayan an sauke mun ƙirga. Don Allah a faɗi farashin kowane buhu, kuɗin mota da lodi daban, da ranar da farashin zai daina aiki. Muna jiran amsa a rubuce kafin 20 ga Mayu. Allah ya ba da kasuwa."

Ka lura ban gaya masa nawa muka tara ba, ban kuma cika shi da labari ba. Wannan saƙon za ka tura wa dila uku, ba tare da canza harafi ba, don amsoshin su yi kwatantuwa. Wanda ya amsa da "ku dai zo, ba za mu ɓata ba", ka gode masa, ka sake roƙon ya rubuta.

Kada ka ji nauyin haka don dilan ya girme ka. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da ajalinsa take magana, rabin kuɗin da za mu riƙe ko mu gabatar kuwa bashi ne a tsakaninmu. In amsoshin sun zo, kada ka goge su. Ka kawo mu karanta wa mambobi a zaman da za a yi bayan sallar Juma'a.