Kafin ka fita da takardar tambayoyi

A ce ka tsara tambayoyi kan ruwan famfo na dam ɗin Gubi, za ka kai wa magidanta a Yalwa. Dakata tukuna, ka tantance su ɗaya bayan ɗaya.

Da farko nemi tambayar da ke cusa amsa a bakin mutum, kamar "Ashe ba ka ganin ruwan ya ƙaru?" Kunya za ta sa dattijo ya ce haka ne. Mayar da ita: "A makon jiya, kwana nawa famfonku ya kawo ruwa?"

Sai mai ɗauke da kaya biyu: "Ruwan yana da tsabta da araha?" Wanda ruwansa garau ne amma kuɗin ya yi masa yawa ba shi da amsa. Raba ta biyu.

Kalmar "gida" ma tarko ce. Gidan haya mai iyali biyar ake nufi, ko masu ci daga tukunya ɗaya? Fayyace.

A ƙarshe, karanta wa mutum goma, kowa ya maimaita tambayar da kalmominsa. In fahimtarsu ta bambanta, laifin tambayar ne, sai ka gyara.