Ƙurajen Aski a Wuya: Dalili da Mafita

Gashin gemunmu naɗaɗɗe ne. Idan reza ta yanke shi dab da fata, bakinsa kan yi tsini, ya lanƙwasa ya soki fatar, wurin ya kumbura ya zama ƙurji. A wuya abin ya fi yawa, domin gashin wurin a kwance yake fitowa, kuma ba ya fuskantar gefe guda.

Kafin aski, a jiƙa wurin da ruwan ɗumi na 'yan mintuna, a shafa kumfa. A bi kwanciyar gashin da reza mai kaifi, kada a ja fata, kada a maimaita wuri ɗaya. Wanda abin ya dame shi ya koma injin aski, ya bar gashi kamar milimita 1. Ƙurajen da suka yi mugunya ko suka taurare kuwa, sai a nuna wa likita.